Kuɗin Riƙon Kaya: Abin da Kaya Ke Ci Yana Zaune a Sito

Kuɗin riƙon kaya shi ne duk abin da ɗan kasuwa ke kashewa ko yake rasawa saboda kaya na zaune a hannunsa, tun daga ranar da ya saya har ranar da ya sayar. Ya bambanta da kuɗin sayen kayan, ya kuma bambanta da kuɗin motar da ta ɗauko su daga inda aka saro. Tafiyarsa da lokaci take: kayan da ya kwana uku a shago ɗan kaɗan yake ci, wanda ya yi wata shida kuwa yakan ci abin da zai iya cinye ribarsa gaba ɗaya. Masu lissafin kasuwanci sun kasa shi gida huɗu: jarin da aka ɗaure a cikin kayan, kuɗin wurin ajiya, inshora, da lalacewa. A littattafan wannan fanni akan kiyasta cewa gidajen nan huɗu, idan aka haɗa su, suna cin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na darajar kaya a shekara. A inda bashi ke da tsada kuma kayan na saurin lalacewa, abin yakan zarce haka nesa.

Sana'ar ajiye hatsi ta fi kowace nuna wannan al'amari a fili. A kasuwar Dawanau da ke Kano, da kasuwannin ƙauye da ke ciyar da ita, an daɗe da sanin cewa farashin wake, masara da gero yakan sauka da kaka, lokacin da manoma ke fito da amfanin gona, sannan ya tashi daga bazara zuwa tsakiyar damina. Mai jari yakan saya da kaka ya zuba a sito, ya jira tashin. Lissafin da aka fi yi da baki shi ne a cire kuɗin saye daga kuɗin sayarwa, a kira abin da ya rage riba. Wannan lissafi ya tsallake watannin da ke tsakani, kuma a cikin watannin nan ne gidaje huɗun suke cin rabonsu.

Domin a ga yadda abin yake, za a bi misali guda har ƙarshe. A ɗauka wani ɗan kasuwa ya sayi wake buhu 200 a watan Nuwamba, kowane buhu Naira 80,000, jimla Naira 16,000,000, da niyyar sayarwa a watan Mayu, bayan wata shida. Alƙaluman na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi. Kowa zai iya cire su ya sa na kasuwarsa.

Jarin da aka ɗaure

Wannan ne gida mafi girma, kuma shi aka fi mantawa, domin babu wanda ke zuwa karɓarsa a hannu. Mai sito zai zo neman haya, ɗan dako zai tsaya sai an sallame shi, amma jarin da ya kwanta ba ya magana. Abin da yake ci shi ne ribar da zai kawo da an bar shi yana juyawa.

Idan da bashi aka sayi kayan, lissafin a bayyane yake, domin abin da mai ba da bashin ya ɗora shi ne tsadar jarin. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a shekara, bankunan kasuwanci kuma sukan ɗora nasu a kan wannan. Wanda ya bi ta bankin Musulunci, inda banki ke sayen kaya ya sayar masa da riba zuwa wani wa'adi, shi ma yana da adadin da zai sa a lissafi, wato ribar da aka ƙara masa. Haka wanda ya karɓi jari a hannun wani bisa yarjejeniyar raba riba.

Inda ake yin kuskure shi ne idan kuɗin na mutum ne. Sai a ji ana cewa ai ba bashi ba ne, don haka babu abin da ya ci. Amma kuɗin na da wani aikin da zai iya yi. Ɗan kasuwar da ke sayen hatsi a kasuwar ƙauye ya sayar a Dawanau cikin mako guda, ya sake komawa, yana samun wani abu a kowane zagaye. Ranar da ya zuba Naira 16,000,000 a sito ya kulle, ya haƙura da waɗannan zagaye har wata shida. Hanyar auna wannan ita ce mutum ya duba littafinsa na shekarar da ta wuce, ya ga nawa kowace Naira 100 ta kawo masa a wata bayan an cire dukkan ɗawainiya.

A misalin nan, a ce jarin na kawo kashi 2 cikin 100 a wata. Kashi 2 na Naira 16,000,000 shi ne Naira 320,000. A wata shida ya zama Naira 1,920,000, wato Naira 9,600 a kan kowane buhu.

Wurin ajiya

Gida na biyu ya fi sauƙin gani, amma yana da ƙananan rassa da ke zubewa daga lissafi. Akwai hayar sito da kuɗin mai gadi. Akwai 'yan dako da za su shigar da kaya, su jera, su sake fitarwa ranar sayarwa. Akwai katakon da ake shimfiɗawa a ƙasa don kada buhu ya taɓa siminti ya ja danshi, da buhunan ajiya, da gyaran rufi kafin ruwan farko ya sauka. Mai ajiye kifi, kaza ko wasu magunguna yana da ƙarin nauyin wuta da man janareta, wanda sau da yawa ya fi hayar kanta.

Wanda sito nasa ne ba ya tsira daga wannan gida. Da bai cika ɗakin da wakensa ba, zai iya ba wani haya ya karɓi kuɗi, saboda haka abin da zai karɓa shi ne abin da ajiyar ta ci. Mai shago kuma yana da wata asarar ta daban: kantar da kayan da ya yi kwantai ya tare, ita ce wadda kayan da ke tafiya ya kamata ya hau.

A misalin waken, a ce haya Naira 60,000 ce a wata, wato Naira 360,000 a wata shida. Kason ɗan kasuwar a albashin mai gadi Naira 20,000 a wata, jimla Naira 120,000. Buhunan ajiya masu leda guda 200 a kan Naira 2,500 kowane sun kama Naira 500,000, amma tun da za a sake amfani da su a kaka mai zuwa, rabi kawai za a ɗora wa wannan kaya, Naira 250,000. Dako da katako Naira 150,000. Jimlar wannan gida Naira 880,000, wato Naira 4,400 a kan kowane buhu.

Inshora

Kayan da ke zaune wuri guda yana fuskantar gobara, sata da ambaliya, kuma duk daɗewarsa haɗarin na ƙaruwa. Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a dare ɗaya, kuma kusan kowace shekara, musamman lokacin hunturu, akan ji labarin irinta a wata kasuwa.

Inshora ita ce a biya wani ƙaramin adadi sananne domin kamfani ya ɗauki nauyin babbar asarar da ba a san ranar zuwanta ba. Ga waɗanda ke guje wa inshorar gama-gari saboda addini, akwai takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda a biya wanda asara ta samu daga ciki. Kuɗin da ake biya ya danganta da darajar kaya, irin ginin, da matakan kariya da ke wurin.

Akwai wani sharaɗi da ya kamata mai ajiya ya sani. Idan kaya na Naira 16,000,000 ne aka rubuta shi a kan Naira 8,000,000 don a rage abin biya, yawancin yarjejeniyoyi sun tanadi cewa ko da rabin kayan ne ya ƙone, rabin asarar kawai za a biya, domin rabin darajar aka yi wa inshora. Haka nan idan farashi ya tashi bayan an rubuta takarda, adadin da ke cikinta ya koma ƙasa da darajar kayan. Sannan inshorar gobara da sata ba ta biyan ɓarnar ƙwari ko danshi; wannan yana wuyan mai kaya.

Wanda bai yi inshora ba bai goge wannan gida daga lissafinsa ba. Ya zama shi ne kamfanin inshorar kansa, ranar da abin ya faru kuma shi zai biya duka. Saboda haka daidai ne ya sa adadin a lissafi ko da bai biya kowa ba. A misalin nan, a ce kashi 1 cikin 100 ne a shekara. Na wata shida ya zama Naira 80,000, wato Naira 400 a kan buhu.

Lalacewa

Gida na huɗu shi ne ya fi bambanta daga kaya zuwa kaya. Ƙarfen rodi zai shekara bai rasa komai ba sai ɗan tsatsa, tumatir ɗanye kuwa kwanaki kaɗan ne ransa. Albasa tana ramewa tana ruɓewa a ajiya, siminti yana daskarewa idan ya sha danshi, magani da abincin gwangwani suna da ranar ƙarewar wa'adi. Akwai kuma lalacewar da ba ta taɓa jikin kaya: atamfar da yayinta ya wuce, ko wayar da sabon samfurinta ya fito, suna nan garau amma farashinsu ya faɗi.

Babban abokin gabar wake shi ne ƙwaron da ke huda shi. Tun a gona yake fara yin ƙwai, don haka waken da ya shigo sito yana sheƙi yana iya zuwa da shi a ciki. Tsutsar tana cin ƙwayar daga ciki, ta fito ta bar rami zagayayye, kuma a yanayin zafi kimanin wata guda ya isa sabon zubi ya fito ya sake yin ƙwai. Shi ya sa ɓarnar ba ta tafiya daidai wa daida: wata na farko ba a ganin komai, zuwa wata na uku ko na huɗu buhun da ba a kare ba ya cika da huji. Alamominsa su ne fararen ɗigo manne a jikin ƙwaya, gari a gindin buhu, ɗumi idan aka cusa hannu, da ƙananan ƙwari suna tashi idan aka buɗe. Asarar kashi biyu ce, domin nauyi yana raguwa, kuma mai saye yana karya farashi da zarar ya ga huji a tafin hannunsa.

Buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007, yana aiki ne ta hanyar hana iska shiga. Ƙwarin da ke ciki sukan shanye iskar da ta rage, daga nan su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Yana da iyakarsa. Idan ɓera ko tsinke ya huda ledar, kariyar ta tafi. Dole a matse iska a ɗaure kowace leda daban, a kuma daina yawan buɗewa. Dole ne kuma hatsin ya bushe sarai kafin a zuba, domin danshi a rufaffen wuri funfuna yake haifarwa. Ga masara, ana son danshin kada ya wuce kimanin kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da na'urar awo yana iya zuba hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ya rufe ya girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai gama bushewa ba.

Masu zuba maganin ƙwari kai tsaye a cikin wake suna rage asara guda su jawo wata. Lafiyar mai ci tana shiga haɗari, kasuwa kuma tana rufewa: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Ko da an kula, akan rasa wani abu ta hanyar ramewa, zubewa, ɓera da buhun da ya huje. A misalin nan, a ce kashi 3 cikin 100 ne, daidai da buhu 6, wato Naira 480,000 a farashin saye, ko Naira 2,400 a kan kowane buhu.

Haɗa lissafin

Jari ya ci Naira 1,920,000, ajiya Naira 880,000, inshora Naira 80,000, lalacewa Naira 480,000. Jimla Naira 3,360,000, wato kashi 21 cikin 100 na kuɗin saye a wata shida, ko kashi 3.5 a kowane wata. Fiye da rabin wannan adadi jari ne, gidan da babu wanda ya zo karɓa.

Daga nan ake fitar da lambar da ta fi kowace amfani ga mai saye, wato farashin da kaya zai kai kafin ajiyar ta biya kanta. Ana haɗa kuɗin saye da na jari, ajiya da inshora, a raba da yawan buhunan da za su rage. Naira 16,000,000 da 1,920,000 da 880,000 da 80,000 sun ba da Naira 18,880,000. Idan aka raba da buhu 194, kowane buhu ya tsaya a kan kimanin Naira 97,300.

A ce a watan Mayu buhu ya kai Naira 95,000. A lissafin baki, an samu Naira 15,000 a kan kowane buhu, sau 200, Naira 3,000,000. A zahiri buhu 194 aka sayar, aka karɓi Naira 18,430,000. Abin da ya fita daga aljihu, saye da ajiya da inshora, Naira 16,960,000 ne, don haka tsabar ribar Naira 1,470,000 ce, ƙasa da rabin abin da aka zata. Da kuma an bar jarin yana juyawa, da ya kawo Naira 1,920,000. Ke nan ɗan kasuwar ya ga kuɗi sun ƙaru a hannunsa, amma ya rasa Naira 450,000 idan aka gwada da sana'arsa ta yau da kullum. Da farashin ya kai Naira 110,000, da an karɓi Naira 21,340,000, ajiyar ta biya kanta har ta bar Naira 2,460,000 a sama.

Tambayar da mai saye zai yi wa kansa a watan Nuwamba ita ce ko yana da dalili mai ƙarfi na sa ran farashi zai wuce Naira 97,300. Tashin farashi tsakanin kaka da damina abu ne da aka saba gani, amma ba alkawari ba ne. A watan Yuli na 2024 gwamnatin Najeriya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara, alkama da wake, na tsawon kwana 150, a 2025 kuma farashin hatsi ya sauka a kasuwanni da yawa, waɗanda suka cika sito da tsada suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Kuɗin riƙo tabbas ne za a biya shi, tashin farashi kuwa tsammani ne, don haka ana buƙatar tazara mai faɗi tsakanin lambar da aka fitar da farashin da ake sa rai.

A sayar yau ko a ƙara wata guda

Bayan kaya ya shiga sito, lissafin yana canza fuska. Kuɗin buhuna, katako da dakon shigarwa sun riga sun tafi, ko an sayar yau ko an jira ba za su dawo ba, saboda haka ba su da ta cewa a shawarar jira. Abin dubawa shi ne abin da ƙarin wata guda zai ci. A misalin nan, jari Naira 1,600 a kan buhu, haya da gadi Naira 400, lalacewa kimanin Naira 400, inshora ƙasa da Naira 100. Duka kusan Naira 2,500. Idan ba a sa ran buhu zai ƙara fiye da haka a wata mai zuwa, sayarwa ta fi jira. Idan farashi ya riga ya tashi, kason jari ma ya tashi, domin abin da aka ɗaure yanzu shi ne kuɗin da za a karɓa da an sayar yau.

Wannan ne ke nuna kuskuren wanda farashi ya faɗi a hannunsa ya ce ba zai sayar ba sai ya mayar da uwar kuɗinsa. Kasuwa ba ta san nawa ya saya ba. Kowane wata da ya ƙara yana ɗora sabuwar Naira 2,500 a kan tsohuwar asara, sabon amfanin gona kuma yana matsowa, ranar da ya shigo kasuwa tsohon wake zai ƙara faɗuwa.

Rangwamen sari mai yawa

Mai shagon da ba ya jiran tashin farashi yana haɗuwa da kuɗin riƙo ta wata ƙofa, ranar da dila ya yi masa tayin rangwame idan zai ɗauki kaya da yawa. A ce mai shago yana sayar da taliya katan 50 a wata, yana saro kowane katan Naira 20,000, kowace tafiya sari tana cin Naira 10,000, kuɗin riƙonsa kuma kashi 3 cikin 100 ne a wata. Dila ya ce idan ya ɗauki katan 300 lokaci guda, kayan wata shida, zai rage masa kashi 5 cikin 100, wato Naira 1,000 a kan katan.

Ribar tayin a fili take: rangwamen Naira 300,000, da tafiya biyar da aka huta, Naira 50,000, jimla Naira 350,000. Wajen auna kuɗin riƙo kuwa ana amfani da matsakaicin kayan da ke shago, domin kaya yana raguwa kullum daga cike zuwa babu, matsakaicinsa rabi ne. Mai ɗaukar katan 50 duk wata yana riƙe da matsakaicin katan 25, na Naira 500,000, wanda a wata shida zai ci Naira 90,000. Mai ɗaukar katan 300 yana riƙe da matsakaicin katan 150 a kan Naira 19,000, wato Naira 2,850,000, wanda zai ci Naira 513,000. Bambancin Naira 423,000 ne, ya zarce ribar tayin da Naira 73,000. Rangwamen bai biya zamansa ba.

Da dila ya yarda da katan 150 a kan rangwamen kashi 3 cikin 100, da lissafin ya juya. A wata shida rangwamen zai kai Naira 180,000, tafiya huɗu da aka huta Naira 40,000, jimla Naira 220,000, alhali ƙarin kuɗin riƙo bai wuce kimanin Naira 172,000 ba. Tayi na biyu, duk da rangwamensa ya fi ƙanƙanta, shi ne mai riba.

Wannan auna tsakanin tsadar yawan zuwa sari da tsadar riƙe kaya yana da ƙa'ida da wani injiniya Ba'amurke, Ford W. Harris, ya wallafa a 1913:

Q = √(2DS / H)

A nan Q shi ne yawan kayan da ya fi dacewa a saro a tafiya guda, D yawan abin da ake sayarwa a shekara, S kuɗin tafiya guda, H kuma kuɗin riƙe katan ɗaya na shekara. Ga mai shagon nan, D katan 600 ne, S Naira 10,000, H kuma kashi 36 cikin 100 na Naira 20,000, wato Naira 7,200. Amsar ta ba da kimanin katan 41, kusa da katan 50 da yake ɗauka duk wata. Ƙa'idar ta ginu ne a kan cewa ciniki yana tafiya daidai kuma farashi ba ya motsi, don haka ba ta aiki kai tsaye ga kayan da ke da lokaci, kamar kayan azumi da na Sallah.

Inda lissafin ke da iyaka

Abu na farko da ke iya sauya amsa shi ne hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta sanar da cewa a watan Disamba na 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara, a irin wannan yanayi kuma kaya a sito yakan fi takardar kuɗi a akwati riƙe daraja. Amma ma'aunin bai canza ba: ana gwada tashin da ake sa ran wannan kaya na musamman zai yi a wata da abin da riƙonsa ke ci a wata. Tashin farashin kaya gaba ɗaya ba ya nufin kowane kaya zai tashi.

Abu na biyu shi ne rashin kaya ma yana da tsadarsa. Mai shagon da ya tsuke sarinsa har kaya ya yanke masa zai rasa cinikin ranar, wataƙila ya rasa mai sayen ma ya koma maƙwabci. Mai gidan burodi ko mai kiwon kaji da gari ko abinci ya yanke wa, aikinsa ne zai tsaya cik. Shi ya sa ake ajiye ɗan ƙari a kan buƙata, gwargwadon kwanakin da sabon kaya ke ɗauka kafin ya iso da kuma yadda hanya take da tabbas. Wannan ƙari yana cin kuɗin riƙo, ana kuma biya da sani.

Abu na uku shi ne kada a ɗora adadi guda a kan dukkan kayan shago. Sabulu da madarar gari ba sa lalacewa daidai, katifa da turare ba sa cin wuri daidai. Ya isa a kasa kaya gida biyu ko uku gwargwadon saurin lalacewa da girman wurin da suke tarewa, a fitar wa kowane gida nasa kason na wata.

Littafin shago yana nuna alamar an yi sarin da ya wuce kima tun kafin asara ta bayyana. Idan aka raba kayan da ke ƙasa da abin da ake sayarwa a rana, za a ga kwana nawa zai ɗauka kafin ya ƙare. Katan 300 a shagon da ke sayar da 50 a wata kayan kwana 180 ne. Idan wannan lamba tana hawa wata bayan wata, ko kanta ta cika amma babu tsabar kuɗin saro kayan da ake nema, ko ana yawan karya farashi don a rabu da abin da wa'adinsa ya matso, to jari ya kwanta. Gyaransa shi ne a rubuta ranar shigowar kowane kaya, a fara fitar da wanda ya riga shiga, a ware wanda ya yi kwantai a sayar da shi ko da a kan uwar kuɗi ne, sannan a rage yawan sari na gaba zuwa abin da lissafin kwanaki ya nuna.